Babi na Bakwai: "Mota Tana Hanya"

Duk wanda ya taɓa buɗe shago a bakin titin Kano, tsakanin gadar Kwangila da Dogarawa, ya san wani irin zama da ake yi da yamma: kana kan benci, waya a hannu, ido a titi, kowace babbar mota ta rage gudu sai gabanka ya faɗi ko taka ce. Motocin suna ta wucewa, wasu su nufi Kano, wasu su karya ta Samaru zuwa Funtuwa, taka shiru. Ka duba waya, saƙon ƙarshe na mai kawo maka kaya yana nan tun jiya: "Alhaji kwantar da hankalinka, mota tana hanya."

Na yi irin wannan zama ba sau ɗaya ba. Sana'ata sayar da kayan haɗa abincin kaji ce, musamman firimis, wato garin bitamin da ma'adinai da ake zubawa a cikin haɗi. Buhunsa kilo 25 ne, kuma kilo biyu da rabi ake sa wa tan guda na abincin kaji masu ƙwai, don haka buhu ɗaya yana ɗaukar tan goma. Abu ne ƙarami a ido, amma ranar da babu shi injin mai haɗi ya tsaya. Masu saye a wurina masu kiwo ne na Samaru, Shika, Basawa da Bomo, mutanen da in aka canja wa kajinsu abinci ba shiri ƙwai ya ja baya, kuma ba ya komowa a kwana ɗaya. In na ce wa mutum ya zo Litinin, ya zo bai samu ba, ba zai tambaye ni sunan dilana ba. Ni ne maƙaryacin.

Kuskuren da na daɗe ina yi shi ne auna uzuri ɗaya bayan ɗaya. Dila ya ce mota ta lalace, sai in tambayi kaina, mota tana lalacewa? Tana lalacewa. Ya ce kwastan sun tare hanya, ana tarewa? Ana yi. Ya ce an yi masa rasuwa, sai in yi ta'aziyya, in ji kunyar sake tambayar kaya. A ƙasar nan kusan babu uzurin da ba zai iya zama gaskiya ba, shi ya sa wanda ke auna su ɗai-ɗai kullum yarda zai yi. Abin da ya kamata a duba shi ne jerin, daga saƙon farko zuwa na ƙarshe, kuma waya ta riga ta ajiye maka shi da rana da sa'a, abin da iyayenmu da suka yi ciniki da saƙon baka ba su samu ba.

Bari in ba da labarin odar da ta koya mini haka. Akwai wani bawan Allah, Bahaushe mazaunin Ibadan, da nake sayen kaya ta hannunsa. Ba zan faɗi sunansa ba, don har yau muna gaisawa. A farkon Oktoban 2022 na ba shi odar buhu arba'in. Ranar Litinin na tura masa kashi saba'in cikin ɗari na kuɗin a matsayin kafin alƙalami, ya ga alat, ya rubuto: "Na gani Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Litinin mai zuwa kaya suna Dogarawa in sha Allahu."

Sati ya zagayo ban ji daga gare shi ba. Litinin bayan la'asar na rubuta ina tambaya, saƙon ya shiga, ba amsa. Sai Talata da safe ya turo saƙon murya mai tsawo: ruwa ya cinye hanya a Kotonkarfe, motar tana cikin layi tare da ɗaruruwan motoci. Wannan kuwa gaskiya ne, duk ƙasa ta sani. Ambaliyar wannan shekarar ta rufe titin Lokoja zuwa Abuja, tankokin mai suka maƙale, har aka shiga layin mai a Abuja. Kuma direbobi da yawa daga Ibadan ta Lokoja suke bi, don gudun lalacewar hanyar Jebba da Mokwa da kuma tsoron dajin Birnin Gwari. Ban ga abin zargi ba. Laraba na nemi lambar direba, ya ce wayar direban ba caji, kwana nawa suna tsaye a daji. Wannan ma ya shiga hankali. Juma'a ya ce direban ya juya, zai zagayo ta Jebba. Sai ranar Litinin, sati guda cif bayan ranar alkawari, ya rubuto abin da ya tona komai, shi kansa bai lura ba: "Alhaji wallahi kamfanin ne suka riƙe mu, sun ce sai sun fitar da sabon farashi za su saki kaya."

Na karanta saƙon sau uku. Kayan da aka ce suna Kotonkarfe ranar Talata, aka ce sun juya ranar Juma'a, yau kuma suna sito ba a ma sake su ba. Da suka iso ranar Juma'ar wannan satin, kwana 11 bayan alkawari, na duba takardar lodi, wadda 'yan tasha ke kira webil. Ranar Talata aka rubuta, kwana uku kafin isowarsu. Tafiyar kwana uku ce ta ci kwana goma sha takwas daga ranar da na biya.

Abin da na fahimta daga nan shi ne, kaya tsani suke hawa. Dila ya karɓi kuɗi, ya biya kamfani ko babban dila, a saki kaya, a kai gareji, a yi lodi, mota ta tashi, ta iso, a sauke. Kowane uzuri yana zaune ne a kan mataki ɗaya na tsanin nan. "Banki bai saki kuɗin ba" yana ƙasa. "Ba a samu mota ba" yana tsakiya. "Taya ta fashe a Tafa" yana kusa da sama. Jinkiri na gaskiya gaba yake tafiya ko ya tsaya wuri ɗaya: jiya ana jiran mota ta cika, yau ta tashi, gobe ta lalace, jibi an gyara. Amma kayan da suka hau mota ba sa komawa sito da ƙafarsu. Duk ranar da uzurin yau ya sauko ƙasa da na shekaranjiya, to ɗaya daga cikin biyun ba gaskiya ba ne, kuma kusan kullum na farkon ne. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ba don mai yin ta ba shi da wayo ba, sai don yana hira da mutum ashirin a rana, ya manta inda ya ajiye wa kowa motarsa.

Ambaliyar ba ƙarya ba ce, aro ya yi. Wannan dabara ce da ya kamata ɗan kasuwa ya gane, domin ƙasarmu ba ta rasa babban labarin da za a fake da shi: karyewar gadar Tatabu tsakanin Jebba da Mokwa a daminar 2017, ƙarancin takardun naira a farkon 2023, tashin kuɗin mai bayan jawabin 29 ga Mayun 2023, dokar hana fita ta sa'a 24 da aka sa wa Kaduna da Zariya a watan Agustan 2024. Kowanne ya tsayar da kayan mutane da gaske. Tambayar da za ka yi ba ko abin ya faru ba ce, a'a, ko kayanka suna wurin lokacin da ya faru. Hanyar sani mai sauƙi ce: leƙa maƙwabci. Da na tsallaka wurin mai sayar da tayil da ke kusa da ni, wanda shi ma daga kudu ake kawo masa, da na ji cewa nasa sun makara kwana huɗu amma sun iso, kuma direbansa yana ɗaukar waya duk tsawon lokacin.

Bayan wannan oda na zauna wani dare na koma farkon hirarmu. A WhatsApp, in ka buɗe hirar mutum a wayar Android ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, akwai "Search", sai ka rubuta kalma kamar "gobe" ko "Litinin", ya nuna maka duk inda aka faɗe ta. A ƙarƙashin "More" kuma akwai "Export chat", in ka zaɓi "Without media" zai fitar maka da hirar gaba ɗaya a rubuce, kowane layi da ranarsa da lokacinsa. Saƙon murya dai sai ka saurara da kunnenka, kuma mutanenmu sun fi son murya. Tun daga lokacin na ɗauki wata al'ada: duk sanda aka yi mini alkawari da murya, sai in mayar da rubutu, "To Malam, mun tsaya a kan buhu 40, Litinin 10 ga wata." Ko "to" kawai ya amsa, ranar ta zauna. In kuma dila ya kunna "Disappearing messages" a hirar ciniki, nakan roƙe shi ya kashe, cikin raha, in ce ni mai mantuwa ne.

Na ɗauko littafin bashi na ja layi huɗu a shafin baya: ranar da ya ce, ranar da kaya suka zo, uzurin da ya bayar, da wanda ya fara magana tsakanina da shi. Oda biyar muka yi. Jinkirin ya fito haka: kwana 1, kwana 2, kwana 2, kwana 6, kwana 11.

Kafin in ɗora masa laifi duka, sai da littafin ya kama ni ni ma. Jinkirin oda ta uku nawa ne. Ya ce in turo ciko ranar Laraba don a yi lodi Alhamis, ni kuwa sai Juma'a na tura, na manta sarai, na riƙe a raina cewa shi ya makara. Wanda zai yi wannan lissafi ya karanta nasa saƙonnin da idon da yake karanta na dila, in ba haka ba zai kori mutumin kirki a banza.

Layi na huɗu, na wanda ya fara magana, shi ya fi ba ni mamaki. A oda biyun farko shi ya kira tun ana gobe ranar: "Alhaji ba a cika mota ba, sai gobe za su tashi, ka ƙara mini kwana ɗaya." A biyun ƙarshe kuwa ni nake nema, bayan rana ta wuce, amsar ma sai ta kwana. Dalilin bambancin a fili yake. In tafiyar kwana uku ce, kuma alkawari Litinin ne, to tun Juma'a dila ya san ko kaya sun hau mota ko ba su hau ba. Wanda ya yi shiru har Litinin ya riga ya yi kwana uku yana sane. Makara ba ta hannun mutum kullum, amma sanarwa tana hannunsa, kuma ko naira hamsin ba ta ci.

Sannan ga yadda kalmomin suka sauya. Saƙonnin farko cike suke da abin da za a iya taɓawa: sunan gareji, launin mota, lambar yaron mota. Na baya kuwa sai rantsuwa ta yawaita, bayani ya ragu, "Litinin" ta koma "cikin satin nan", daga nan ta koma "kwanan nan". Ba ina nufin duk mai cewa in sha Allahu yana da wata manufa ba, Musulmi ba ya alkawarin gobe ba tare da ita ba. Abin dubawa shi ne ko akwai rana a gabanta. Malamanmu na fiƙihu ma, a cinikin salam da ake biya kafin a karɓi kaya, sharaɗi suka sa a san awo kuma a san ajali. Kwanan nan ba ajali ba ne.

To, sai ga tambayar da ta sa na rubuta babin nan. Bayan wani lokaci mutumin Ibadan ya sake nemana: kaya sun sauka, farashi mai kyau, in turo kafin alƙalami, kwana bakwai suna Dogarawa. In yarda da kwana bakwai ɗin?

Akwai wani bincike da aka buga a 1994, na Roger Buehler da abokan aikinsa a Kanada. Sun tambayi ɗaliban jami'a kwana nawa zai ɗauke su su gama rubutun kammala karatu. Matsakaicin abin da suka faɗa kusan kwana 34 ne, abin da ya ɗauke su kuwa ya haura 55. Ba wanda suke yaudara, su ma haka suka zata. Ɗan Adam in zai yanka rana, tafiyar da babu tangarɗa yake hangowa. Saboda haka ko dila mai gaskiya, ranarsa fata ce, tarihinsa shi ne ma'auni. Ina da wani da nake saye wurinsa a Kano, shekara da shekaru in ya ce Talata, Alhamis ne. Ban taɓa jin haushinsa ba. Ina ƙara kwana biyu a raina, in faɗa wa masu kiwo Juma'a, kowa ya zauna lafiya. Mai makara iri ɗaya kullum abin dogaro ne, agogo ne da ke baya da minti goma, ka san yadda za ka karanta shi.

Na Ibadan ba haka yake ba. In ka haɗa jinkirinsa biyar ka raba, za ka sami kwana huɗu da ɗan ɗoriya, ka ce to bari in sa ran kwana goma sha ɗaya ko sha biyu. Wannan lissafin zai cuce ka, don lambobin ba yawo suke a kusa da huɗu ba, hawa suke yi. Shida ta bi biyu, sha ɗaya ta bi shida. Da na duba alat ɗin banki sai na ga wani abu yana hawa tare da su: kafin alƙalamin da yake nema. Da farko kashi talatin ne, ya koma rabi, ya koma saba'in. Jinkiri yana ƙaruwa, kuɗin gaba yana ƙaruwa, uzuri yana komawa baya. A sanina na kasuwa, wannan hoton mutumin da jarinsa ya karye ne, yana karɓar kuɗin Audu ya sallami Garba, ya jira na Tanko ya sallami Audu. Ba lallai ɓarawo ba ne, galibi ma mutum ne mai kunya da ba zai iya buɗe baki ya ce ba ni da kuɗi ba. Amma kayanka ba za su tashi ba sai wani ya biya bayanka, kuma wannan rana ba shi ya san ta ba balle kai.

Ni kuma a lokacin buhu tara suka rage mini, ina sayar da kusan buhu ɗaya a rana. Ko da ya cika kwana bakwai, kwana biyu kawai ne tsakanina da shago wayam. In ya maimaita na baya, kwana goma sha takwas ke nan, kwana tara ina ba mutane haƙuri. Wannan shi ne lissafin da ya dace, ba na ko ina ganin girmansa ba: kayan da ke ƙasa za su kai ni ranar da tarihinsa ya nuna, ko ranar bakinsa kawai za su kai ni?

Ban yanke hulɗa ba, ban kuma yi masa gori ba. Na sayi buhu ashirin a Kano da ɗan tsada, don in rufe ƙofar kunya. Shi kuma na rubuta masa: "Malam, kasuwa ta yi nauyi, buhu goma zan iya yanzu. Zan ba da kashi talatin. Ranar da aka yi lodi ka turo mini hoton webil da lambar mota da lambar direba, ina magana da shi zan cika maka kafin motar ta bar gareji." Abubuwa ukun nan ban zaɓe su don ado ba. Wanda kayansa suka hau mota yana da su a hannu, minti biyu ya ishe shi. Wanda bai yi lodi ba kuwa ba shi da inda zai samo su. Hoton buhuna a sito ba ya cikin lissafi, don hoton bara ma yana turuwa, wani lokaci har da tambarin "Forwarded" a kansa. In ka samu direba, kar ka tambaye shi ko yana ɗauke da kayan wane, zai ce e don a zauna lafiya. Tambaye shi yana ina yanzu, buhu nawa ne, a ina zai sauke. In wayarsa babba ce, ya turo "live location" na sa'a takwas, ka ga ɗigon yana motsi da idonka.

Yadda dila ya karɓi irin wannan sharaɗi shi ma amsa ce. Mai kaya a ƙasa yakan yi ɗan ƙorafi ya yarda, don ciniki yake so. Wanda kuɗinka yake jira ya toshe wani rami, sai ya koma maganar amana: "Haba Alhaji, yau ni ake tambaya webil?" Nawa ya yi shiru kwana biyu, sannan ya kira, ba rubutu ba. Ya ce gaskiya wani ya riƙe masa kuɗi masu yawa tun kafin Babbar Salla, yana ta jujjuyawa ne. Ya ce kashi talatin ba zai fitar da kaya ba, in ba shi wata guda. Na ce Allah ya rufa asiri, na ba shi.

Ya kamata in faɗi inda wannan hanya take da rauni. Oda biyar ba yawa ba ne, kuma biyu daga ciki sun faɗo a damina, lokacin da kowa ke makara. Da uzurinsa bai koma baya ba, da lambobin kaɗai ba su isa in yanke masa hukunci ba. Haka kuma sabon dila ba shi da tarihi ko kaɗan, sai ka gina shi da ƙananan oda, ka kuma tambayi waɗanda suka riga ka sayayya a wurinsa, kasuwar Sabon Gari ba ta ɓoye labarin mutum. Akwai kuma dilan da shi ma ƙarya ake yi masa daga sama, yana miƙo maka abin da mai mota ya gaya masa da zuciya ɗaya. Irin wannan za ka gane shi da cewa yana turo maka lambar direban tun ba ka tambaya ba, yana cewa kira shi da kanka ka ji. Gaskiyarsa ba za ta kawo kaya da wuri ba, don haka ranarsa ma sai ka ƙara mata kwanaki, amma kuɗinka ba ya cikin haɗari.

Mutumin Ibadan ya dawo bayan wata biyu, ba ɗaya ba. Muka yi odar buhu goma a kan sharaɗin nan, ya turo webil ranar Talata da azahar, na yi magana da direba yana shan mai a Ogbomosho, kaya suka sauka Dogarawa Juma'a da hantsi. Har yanzu ina saye a wurinsa, amma ban ƙara wuce kashi talatin ba, kuma shafinsa yana nan a bayan littafin bashi, ina ƙara masa layi duk oda.